Yadda Za Ka Karanta Zanen Zagayen Krebs

Ka buɗe littafin bayoloji, ka ci karo da da'ira cike da kibiyoyi da sunaye masu ɗaure harshe, sai ka rasa ta inda za ka fara. Ba sai ka haddace komai ba. Idan ka iya ƙirga kabon, ka kuma gane inda kibiya ta fita daga da'irar, zanen zai warware maka.

Mene ne wannan zagaye?

Matakai ne takwas da ƙwayoyin halittar jikinka ke bi don tatsar ƙarfi daga abinci. Ana yin aikin ne a cikin mitokondiriya, wasu ƙananan sassa na ƙwayar halitta masu aiki kamar tashar wuta. Hans Krebs ne ya bayyana shi a 1937, ya kuma samu kyautar Nobel a 1953. Ana kiransa zagaye domin sinadarin da aka fara da shi, shi ake dawowa kansa a ƙarshe.

Ta ina za ka fara duba zanen?

Ka fara daga sama, ka bi yadda hannun agogo ke tafiya, domin haka akasari ake zana shi. A can sama za ka ga asetil-CoA yana shigowa. Shi ne guntun da ya rage bayan an farfasa sukarin gulukos, kuma yana kawo kabon 2. Kabon shi ne tubalin da aka gina waɗannan sinadarai da shi. Asetil-CoA zai haɗu da okzalo'asitet mai kabon 4, sai a samu sitiret mai kabon 6. Daga nan adadin yana saukowa zuwa 5, sannan 4, sai ya tsaya a 4 har ƙarshe. Duk inda aka rage ɗaya, CO2 ce ta fita, iskar da kake fitarwa idan ka yi numfashi.

Su wane ne masu ɗaukar ƙarfin?

ATP shi ne kuɗin hannu, jiki na kashe shi nan take. NADH da FADH2 kuwa kamar takardar cek suke: suna ɗauke da ilektoron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, kuma sai an kai su bangon ciki na mitokondiriya kafin a canza su zuwa ATP. A zanen, ƙaramar kibiya mai lanƙwasa ce alamarsu: NAD+ ya shiga fanko, NADH ya fito da kaya.

A wane mataki ake samun su?

Matakai biyar ne kawai ke bayarwa. A mataki na uku, lokacin da kabon ya sauko daga 6 zuwa 5, ana samun NADH na farko. A na huɗu, daga 5 zuwa 4, ana samun na biyu. Wato duk inda CO2 ta fita, akwai NADH a gefenta.

A mataki na biyar, saksinil-CoA ya koma saksinet, a nan ake samun ATP guda ɗaya. Idan littafinka ya rubuta GTP, ba kuskure ba ne, darajarsu ɗaya. A na shida, saksinet ya koma fumaret, FADH2 ya fito. A na takwas, malet ya koma okzalo'asitet, NADH na uku ya fito. Mataki na ɗaya da na biyu da na bakwai share fage kawai suke yi.

Nawa ne jimilla?

Zagaye ɗaya na ba da NADH 3, FADH2 1, ATP 1 da CO2 2. NADH guda yana kawo kusan ATP 2.5, FADH2 kuma 1.5. Ka haɗa 7.5 da 1.5 da 1, ka samu 10. Gulukos guda na samar da asetil-CoA biyu, don haka zagayen yana juyawa sau biyu, a samu kusan ATP 20. Tsofaffin littattafai na lissafa 3 da 2, shi ya sa za ka ga 12 a madadin 10.

Ina ake yawan kuskure?

Wasu zane-zanen na nuna wani NADH da CO2 a saman da'irar, inda fairubet, sinadarin da ake samu idan an farfasa gulukos, ke komawa asetil-CoA. Wannan a bakin ƙofa yake, kada ka lissafa shi cikin zagayen. Idan ka ƙirga NADH huɗu, nan ka zame.

Haka kuma ba za ka ga oksijin a zanen ba, amma in babu shi aikin ya tsaya. Oksijin ne ke karɓar ilektoron a ƙarshe. Idan ya yanke, NADH ba zai sauke kayansa ba, NAD+ zai ƙare, mataki na uku da na huɗu da na takwas su rasa mai ɗaukar musu kaya.

Yanzu ka ɗauki takarda ka zana da'ira da kanka. Ka rubuta adadin kabon a kowane mataki, sannan ka sa alama a na uku, huɗu, biyar, shida da takwas. A waɗannan wurare biyar ne ƙarfin yake fitowa.