Bayan ka sauka lafiya: yadda ake rubuta wa masu masauki godiya da Faransanci

A kowace shekara ɗalibai da malamai masu koyon Faransanci daga ƙasar Hausa suna fita neman inda za su ji harshen daga bakin masu shi. Wasu suna tsayawa a ƙauyen koyon Faransanci na Badagry da aka kafa a 1991, wasu su tsallaka Lome ko Kwatano, wasu kuma su sami tallafin kwas su tafi Faransa. A garin Vichy akwai cibiyar CAVILAM, wadda ke koyar da baƙi Faransanci tun 1964, kuma ta saba sauke ɗalibanta a gidajen mutanen gari. A nan baƙo zai kwana, ya ci abincin dare tare da iyalin gida, ya yi ta tuntuɓe da harshe suna ɗaga shi. Idan ya koma gida, saura abu guda: 'yar takardar godiya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, domin shi ne mai cewa yaba kyauta tukwici. Sai dai yadda muke gina wasiƙa ya sha bamban da nasu. Mu kan fara da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mu tambayi maigida da uwargida da yara, mu yi ban gajiya, sannan mu zo kan magana, mu rufe da addu'a da neman gafara. Bafaranshe yana sa ran ganin godiyar tun a layi na farko ko na biyu, kuma abin da yake nema a ciki shi ne shaidar cewa ka tuna da gidansa shi kaɗai. Jimla biyar ko shida sun wadatar, matuƙar ɗaya daga cikinsu ta ambaci wani abu da ya faru a gidan nan ba a wani gida ba.

Wani zai ce ai an biya su kuɗin masauki. Gaskiya ne, yawancin irin waɗannan iyalai cibiyar tana biyansu. Amma kuɗin na ɗaki ne da abinci. Ba a biya uwargida don ta zauna tana gyara maka jimla bayan an tashi daga tebur ba, ba a biya maigida don ya ɗauke ka a mota ranar Lahadi ya nuna maka gari ba. Waɗannan ne ake gode wa.

Mu ɗauki misali

A ce wata malamar Faransanci daga Zariya ta yi kwas na bazara a Vichy, ta sauka gidan wasu mata da miji masu yara biyu. Sun san Musulma ce, sai suka daina sa naman alade a girkin da za ta ci. Da yamma sukan fita yawo tare a bakin kogin Allier da ya bi ta gefen garin. Uwargida ta taɓa yi mata wani abincin yankin, dankalin turawa da kirim da ake gasawa cikin ɓawon fulawa. Ga abin da za ta iya rubutawa:

Zaria, le 12 août

Chère Madame, cher Monsieur,

Je suis bien arrivée chez moi. Merci de m'avoir accueillie avec tant de gentillesse. Je n'oublierai pas nos promenades au bord de l'Allier, ni votre pâté aux pommes de terre. Merci aussi d'avoir cuisiné sans porc pour moi et d'avoir corrigé mon français avec patience. Grâce à vous, je n'ai plus peur de parler. Mes amitiés aux enfants.

Bien amicalement,

Sai ta sa sunanta a ƙasa. Abin da ta ce shi ne: na iso gida lafiya, na gode da karɓar da kuka yi mini hannu bibbiyu, ba zan manta da yawonmu na bakin kogi da wannan girki naku ba. Na gode da kuka riƙa dafa mini abinci ba alade, kuka kuma yi haƙurin gyara mini Faransanci. Albarkacinku yanzu ba na jin tsoron magana. A gaishe da yara.

Duka takardar ba ta kai kalma 70 ba, amma ta ɗauki duk abin da ake bukata. Ta fara da labarin sauka lafiya, wanda shi ne abin da mai masauki ke jiran ji. Ta yi godiya gaba ɗaya, sannan ta sauko kan abubuwan da ta gani da idonta. Maganar alade tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin a gidan da aka saba da shi, canza cefane na makonni ɗawainiya ce, kuma mai yinta zai ji daɗi ya san an lura. Jimlar da ta ce ta daina jin tsoron magana kuwa ita ce ke nuna wa iyalin cewa wahalarsu ta yi amfani.

Kai ko ku

Abu na farko da za a yanke kafin a ɗora biro shi ne ko za a ce musu tu ko vous. Mai Hausa ba zai sha wuya a nan ba, tunda mu ma mukan ce wa babba ku don girmamawa. Dokar mai sauƙi ce: abin da kake kiransu da shi a gidan, shi za ka rubuta. Idan har ka bar gidan kana cewa Madame da vous, kada takarda ta sa ka zaƙe. Idan kuwa uwargida da bakinta ta ce ka kira ta da sunanta, ku riƙa tu, to komawa Madame a rubuce zai zama kamar ka ja baya da ita. Idan kana rubuta wa mata da miji tare, vous za ka yi ko yaya kuka saba, domin jam'i ne.

Buɗewar ma tana bin jinsi. Namiji cher, mace chère, idan an haɗa su chers. Mai son haɗa gidan duka yana iya cewa Chers tous, amma sai in an saba sosai.

Inda ake yawan zamewa

Kuskuren da ya fi sauya ma'ana yana cikin kalmar godiyar kanta. Idan aka ce merci de aka bi shi da aikatau kai tsaye, a yawancin lokuta umarni ne cikin ladabi. Wanda ya ga Merci de fermer la porte a jikin ƙofa ya san ana ce masa ya rufe ta ne, ba gode masa ake yi ba. Saboda haka godiya kan abin da ya riga ya wuce sai da avoir ko être a tsakani, kamar yadda malamar ta yi: merci de m'avoir accueillie. Mai shakka ya bi gajeriyar hanya, ya ce merci pour votre accueil, ba abin da zai same shi.

Na biyu shi ne ƙarshen kalma. Malamar mace ce, shi ya sa ta rubuta arrivée da accueillie. Namiji zai cire harafin e na ƙarshe, ya rubuta arrivé da accueilli. A baki ba a jin bambancin, a takarda kuwa ido na sauka a kai nan take.

Na uku shi ne kewa. Mai son cewa ina kewarku sai ya rubuta vous me manquez. Idan ya juya ya ce je vous manque, ya gaya musu ne cewa su ke kewarsa.

Na huɗu shi ne rufewa. Doguwar jimlar nan da ake koya a aji, mai farawa da Veuillez agréer, ta takardar neman aiki ce da ofisoshin gwamnati, ba ta mutanen da kuka ci abinci tare ba. Cordialement ma na saƙon ofis ne, yana da sanyi. Bien amicalement ya dace da kusan kowane gida. Idan an shaƙu sosai ana iya cewa je vous embrasse, wanda a wurinsu gaisuwar dangi da aminai ce, kuma wanda bai sake da ita ba ba dole ya rubuta ba. Abin da za a kiyaye shi ne ɗauko aikatau baiser daga ƙamus da nufin sumba, domin a Faransancin yau batsa ne.

Addu'a da neman gafara

Allah ya saka da alheri ita ce ƙololuwar godiyar Bahaushe, kuma a Yamai ko Dakar ko Lome ba wanda zai yi mamakin ganin Que Dieu vous bénisse a takarda. A can ma baƙo yakan kira masu gida Papa da Maman, ya jero gaisuwar kowa da kowa, kuma hakan ne daidai. A Faransa kuwa, inda aka raba gwamnati da coci tun 1905, mutane da yawa suna ɗaukar addini sha'anin mutum ne shi kaɗai, wasu ma ba su da shi. Idan ka ga iyalin suna zuwa coci ko masallaci, ko kun yi hirar addini cikin daɗi, jimla ɗaya ta addu'a za ta karɓu. Idan ba ka ga alama ba, ka yi musu fatan lafiya, addu'ar ka yi ta a kan sallayarka.

Haka zancen a yafe mini abin da na yi da wanda na sani da wanda ban sani ba. A wurinmu ladabi ne na rabuwa. Bafaranshe zai iya karantawa ya shiga tunanin ko wani abu ka fasa a ɗaki ba ka faɗa ba. Idan akwai takamaiman abu, kamar ka tashe su da asuba don kama jirgin ƙasa, ambace shi a jimla ɗaya. Idan babu, bar shi.

Akwai kuma abin da ba ya shiga wannan takarda ko kaɗan, wato roƙo. Kada a liƙa neman takardar gayyata ta biza, ko neman a sauke wani ƙane, a ƙarƙashin godiya. Takardar shaidar saukar baƙo da ake kira attestation d'accueil sai mai gida ya je ofishin magajin gari ya ɗauki alhakinka a hukumance, don haka ba ƙaramar alfarma ba ce. In an haɗa ta da godiya, sai godiyar ta koma share fage.

Yaushe, kuma ta wace hanya

Da zarar ka sauka, aika gajeren saƙon waya cewa ka iso lafiya. Takardar godiyar kuma ta biyo baya cikin mako guda. Rubutun hannu a kan kati ya fi imel daraja a wurinsu, musamman ga dattawa, kuma katin da ke ɗauke da hoton garinku ya fi wanda aka riga aka buga wa kalmomin godiya. Idan ka san wasiƙa daga garinku takan daɗe a hanya, rubuta katin tun kana can, ka bar shi a kan tebur ranar tafiya, ko ka jefa a akwatin gidan waya kafin ka hau jirgi. Wata dabarar ita ce ka rubuta da hannu, ka ɗauki hotonsa ka tura ta waya tare da hoton da kuka ɗauka tare.

A bayan ambulan, sunan iyalin ke zuwa farko, sai lambar gida da sunan titi, sai lambar gidan waya mai alƙaluma biyar kafin sunan gari da manyan baƙaƙe, misali 03200 VICHY, sannan FRANCE a layin ƙarshe. Kafin ka liƙe, sake duba abu uku: ƙarshen kalmomin da ke nuna jinsinka, alamomin da ke kan wasula, da rubutun sunan masu gidan. Kuskuren nahawu za su yafe wa ɗalibi cikin murmushi, amma sunansu da ka zauna da shi makonni ya kamata ya fito daidai.