Karanta Jadawalin Sauri da Lokaci

Ɗalibai kan ɗauki hoton tambayar kimiyyar lissafi su tura wa malami, amma hoton kan yanke lambobin gefe, alhali da su ake aiki, ba tsayin layi a ido ba.

A ce saurin mota ya tashi daga sifili zuwa mita 20 a daƙiƙa cikin daƙiƙa 5. Gangaren layin shi ne ƙaruwar sauri: a raba 20 da 5, a samu 4. Nisan da ta gusa kuwa faɗin filin da ke ƙarƙashin layin ne. Filin mai kusurwa uku ne, wato rabin 5 sau 20, mita 50.

Idan layi ya sauka ƙasan sifili, baya motar ta yi, sai a debe filin wurin.