Saƙo Ba Kuɗi Ba Ne: Jawabi Ga Taron Ƙungiyar Gama Kai

Ga wani gajeren jawabi wanda malami ko ɗalibi zai iya gabatarwa a taron ƙungiyar gama kai ta ƙauyensu.



Tun lokacin ƙarancin takardun naira a shekarar 2023, da yawa daga cikinmu suka koma ciniki ta wayar salula. Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, kuɗinmu ba a cikin waya suke ba. Lissafinsu yana rubuce ne a kwamfutar banki ko ta kamfanin da ke riƙe da asusun. Waya 'yar aike ce kawai: tana kai umarni, tana kawo labari. Labari kuwa ana iya ƙaga shi.

Bari mu yi misali. A ce asusunka yana da naira 12,000, ka sayar wa baƙo hatsi na naira 40,000. Ya danna wayarsa, sai ga saƙon alat ya shigo taka cewa kuɗi sun iso. Kada ka saki buhu tukuna, domin mazambaci yana iya rubuta irin wannan saƙo da hannunsa. Ka shiga asusunka da kanka ka duba abin da ke ciki. In ka ga naira 52,000, ciniki ya faɗa. In har yanzu 12,000 ce, ko dai kuɗin sun maƙale a hanya, ko kuwa ba a turo su ba sam. Ko wanne ne, buhu ya zauna sai sun shigo. Haka kuma za ka yi da wanda ya bugo yana kuka wai ya turo maka kuɗi bisa kuskure: duba asusu tukuna, in kuwa da gaske sun shigo, ka sanar da kamfanin kafin ka mayar.

Idan kai ne mai biya, bayan ka sa lambar asusu za ka ga sunan mai shi ya bayyana. Ka karanta sunan da ƙarfi, mai kaya ya gaskata, sa'an nan ka tura, gama dawo da kuɗin da suka tafi asusun wani aiki ne mai wuya.

Sai lambar sirri, wadda waya ke rubutawa PIN. Ita ce sa hannunka, kuma kwamfuta ba ta san fuska ba: duk wanda ya sa ta daidai, a wurinta kai ne. Saboda haka kada ka zaɓi shekarar haihuwarka ko 1234, kada ka rubuta ta a bayan waya, kada kuma ka faɗa wa mai shagon cire kuɗi. Karɓi na'urar ka danna da kanka. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar wannan lamba ta waya.

Ranar da wayarka ta ɓace kuwa, ka sa a rufe layin da asusun a ranar, kada ka bari sai ranar kasuwa.

Allah ya tsare mana dukiyarmu.