SQLite ko Firestore: Ina Ya Kamata Ƙaramin Shago Ya Adana Odarsa?

A ce kana da shagon kayan masarufi a Kawo, kana saro kaya daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, oda kuma na shigowa ta WhatsApp. Yanzu kana so ka haɗa 'yar manhaja da za ta maye gurbin littafin shago. Kafin ka zaɓi rumbun bayanai, ka tambayi kanka: ana cin bashi a shagon?

Rumbu irin Firestore ko MongoDB yana ajiye kowace oda kamar rasit guda, da sunan mai saye da kayan da kuɗin duk a wuri ɗaya. Shi ya sa yake da daɗin farawa. Amma a ce wata kwastoma ta yi oda 40 a shekara, an rubuta ta "Hajiya Malali" a wasu, "Haj. Malali" a wasu. Ranar lissafi sai bashinta na naira 60,000 ya rabu biyu, ka tambaye ta 35,000 kawai. Ana iya magance wannan da ba ta lamba, sai dai aikin haɗa lambar da odojin ya koma kanka.

Shi kuwa SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android, tebur-tebur yake ajiya. Kwastoma tana da layi ɗaya tak, kowace oda kuma lambarta take ɗauka. Ga yadda za ka ga masu bashi:

```sql
SELECT k.suna, SUM(o.jimla - o.an_biya) AS bashi
FROM oda o JOIN kwastoma k ON k.id = o.kwastoma_id
GROUP BY k.id HAVING bashi > 0;
```

Akwai tarko a nan ma. Kada ka bar farashi a teburin kaya kaɗai, ka kwafe shi cikin odar a lokacin ciniki. In ba haka ba, ranar da ka ƙara kuɗin shinkafa, odojin watan jiya su ma za su tashi. Alamar ita ce cinikin tsohon wata ya riƙa sauyawa da kansa.

Inda Firestore ya fi shi ne idan wayoyi biyu ke karɓar oda, taka da ta yaron shago. Yana daidaita su da kansa, yana kuma karɓar oda ko babu data, ya tura daga baya. Sai dai `runTransaction`, umarnin da ke hana a sayar da buhun ƙarshe sau biyu, ba ya aiki in babu intanet.

A ganina, shago mai waya ɗaya da littafin bashi ya ɗauki SQLite. Amma fa duk bayanan fayil ɗaya ne a cikin wayar, in aka sace ta sun tafi. Ka riƙa tura kwafinsa Google Drive kowane dare bayan an rufe shago.