Minti 45 da Suka Ci Dala Miliyan 440

Ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka, mai hada-hadar hannun jari, ya fara aiki da sabuwar manhaja. Na'urori takwas ya kamata a ɗora wa, aka manta da ɗaya. Da kasuwa ta buɗe, wannan ɗayar ta tayar da wani tsohon umarni, ta yi ta saye da sayarwa ba kai ba gindi. Injiniyoyi suka ruɗe, suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, sai ɓarnar ta bazu ko'ina, domin saitin da ke kunna tsohon umarnin yana nan ba a taɓa shi ba. Cikin kimanin minti 45, dala miliyan 440 suka salwanta.

Komawa baya da kansa aiki ne mai shiri. Duk fitowar manhaja a raɗa mata suna, misali `git tag v2.4.1`, a adana ainihin kunshin da aka gina, tare da saitinsa. Sake gina tsohuwa ranar tashin hankali kasada ce: yana cin lokaci, kuma kayan haɗin na iya canzawa, a samu wani abu daban.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin atisaye. A zaɓi ranar da hankali ke kwance, a koma `v2.4.0` da gangan, agogo a hannu. A nan ake ganewa ko tsohuwar manhajar za ta iya karanta rumbun bayanan da sabuwar ta sauya wa fasali.