Mutumin da Aka Kulle a Ɗakin Sinanci

A wajajen ƙarshen shekarun 1970, Roger Schank da ɗalibansa a Jami'ar Yale ta Amurka sun ƙirƙiro wata manhajar kwamfuta da ake ba ta gajeren labari, a yi mata tambaya, ta amsa. Misali, wani ya shiga gidan abinci ya yi oda, aka kawo masa a ƙone ƙurmus, ya fice a fusace bai biya ko sisi ba. Shin ya ci abincin? Labarin bai faɗa ba, amma manhajar za ta ce bai ci ba, domin an zuba mata jerin abubuwan da aka saba yi a gidan abinci. Wasu suka ce ai kwamfuta ta fara fahimtar labari.

John Searle, malamin falsafa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, bai yarda ba. A 1980 ya wallafa maƙala ɗauke da wani misali da har yau ake kai ruwa rana a kansa.

Ya ce a ɗauka an kulle shi a ɗaki, shi da bai san ko harafi ɗaya na Sinanci ba. An ba shi tarin katuna masu rubutun Sinanci, da littafin ƙa'idoji da aka rubuta da Turanci, harshensa. Littafin ba ya fassara komai. Abin da kawai yake cewa shi ne: idan ka ga zane mai siffa kaza, ka nemo mai siffa kaza ka miƙa. Sai mutanen waje su riƙa turo takardu ta wata kafa. Shi kuwa ya duba siffa, ya buɗe shafi, ya haɗa katuna, ya tura waje. Bai san cewa abin da ke shigowa labari ne da tambayoyi ba, bai san amsa yake bayarwa ba. Idan littafin ya ƙayatu, Basinen da ke waje zai rantse ɗan'uwansa ne a ciki. Alhali na cikin ɗakin bai san ko zancen abinci ake yi ko na jana'iza ba.

To, in ji Searle, aikin kwamfuta ke nan: juya alamomi bisa siffarsu. Shi ne injin, littafin shi ne manhajar. Tunda ya bi manhajar daga farko har ƙarshe bai tsinci ma'anar kalma ɗaya ba, bin manhaja kaɗai ba ya haifar da fahimta. Wannan ya soki gwajin da Alan Turing ya kawo a 1950, wanda ke auna na'ura da ko za a iya bambanta hirarta da ta mutum. A lura, Searle bai ce babu injin da zai taɓa tunani ba. A wurinsa ƙwaƙwalwa ma inji ce. Manhaja tsurarta yake ƙalubalanta. Ya ce kwamfuta na iya kwaikwayon ruwan sama, amma ba wanda zai jiƙe.

Martani mafi ƙarfi da aka yi masa shi ne: wa ya ce mutumin ne zai fahimta? Shi ɓangare ne kawai. Mai fahimtar shi ne tsarin baki ɗaya, wato mutum da littafi da katuna a haɗe. Searle ya ce to, bari mutumin ya haddace littafin da katunan duka, ya fito fili ya riƙa yin aikin da ka. Yanzu duk tsarin yana cikin kansa, kuma har yanzu bai ji Sinanci ba.

A nan ne nake ganin gardamar ta fi daɗi, kuma a nan ne ban gamsu da shi sarai ba. Littafin da zai amsa kowace irin tambaya da Sinanci ba abin ɗauka a hannu ba ne, kuma mai bin sa da hannu zai iya shafe shekaru kafin jimla ɗaya ta fito. Misalin yana sa mu hango ɗan ɗaki da 'yan takardu, sai zuciya ta yi saurin cewa babu fahimta a nan. Amma leƙa cikin kan Basine ma. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa sun kai kimanin biliyan 86, kowace tana karɓar saƙo tana miƙawa, babu guda da ta san Sinanci. Searle ya amsa cewa ƙwaƙwalwa tana da wani ƙarfi na halitta da ke samar da ma'ana, wanda manhaja ba ta da shi. Da aka nemi ya fayyace wane ƙarfi ne, sai ya ce wannan aikin masu binciken ƙwaƙwalwa ne.