Wasiƙar da Baƙo Zai Buɗe a Filin Jirgi

Tawaga ta mutum shida za ta taso daga Accra zuwa Kano, ziyarar aiki ta kwana huɗu, daga Laraba 26 zuwa Asabar 29 ga Nuwamba. An daɗe ana waya, an canza ranaku, an yi ta musayar saƙonni. Saura imel ta ƙarshe, wadda za ta tattara duk abin da aka tsayar. Mai rubuta ta ya sa a ransa cewa ba a ofis za a fi karanta ta ba. Mutum ne gajiyayye zai buɗe ta a wayarsa, tsaye da jaka a hannu, layinsa na Ghana kuma wataƙila bai kama ba.

Shi ya sa batun tarba ke zuwa a sama, bayan gaisuwa layi ɗaya. Mu Hausawa muna son doguwar gaisuwa, amma a ajiye ta sai an haɗu. "Za a zo a ɗauke ku a filin jirgi" bai wadatar ba. Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yana da ɓangaren jiragen ƙasashen waje da na cikin gida, kuma baƙin da suka sauya jirgi a Legas ta na cikin gida za su fito, ko da yake daga wata ƙasa suka taso. Direban da aka ce wa "baƙi daga Ghana" yana iya zuwa ya dasa kansa a ɗaya ɓangaren, su suna can suna dube-dube. Saboda haka a rubuta lambar jirgin da zai sauke su a Kano da lokacin saukarsa, sunan direba da lambar wayarsa haɗe da +234, irin motar, launinta da lambarta, da abin da za a rubuta a allon da zai ɗaga. A ƙara lambar mutum na biyu. Ƙarshen Nuwamba hazo kan fara, shi kuwa yakan jinkirta jirage, to a faɗi wanda zai riƙa bibiyar jirgin, kuma a tabbatar musu direba zai jira.

Sai jadawalin kansa. Kowace rana da sunanta da kwanan wata, watan kuma da haruffa: Alhamis, 27 ga Nuwamba. Kowane zama yana buƙatar lokaci biyu, na tashi daga masauki da na fara taro, domin na farkon ne baƙo ke aiki da shi. Najeriya tana gaban Ghana da awa ɗaya, don haka jimla guda mai cewa duk lokutan da agogon Najeriya ne za ta hana wanda bai gyara agogon hannunsa ba sakkowa ƙarfe 9:00 alhali yana zaton 8:00 ce.

Wurin taro ne ya fi yaudarar ɗan gari, saboda ya san shi har ya manta baƙo bai sani ba. A ce zaman Alhamis a Jami'ar Bayero ne. Tsohuwar jami'a ko sabuwa da ke kan titin Gwarzo? Ko Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wanda shi ma na jami'ar ne? A rubuta harabar, ƙofar shiga, sunan ginin da zauren, da wanda zai tsaya a ƙofa. Taswirar waya tana taimakawa, amma kwatance da kalmomi ya fi aminci idan data ta yanke.

Ranaku biyu na ƙarshe suna da nasu sharaɗin. Juma'a a rufe zaman safe wajen 12:00, a bar tazara mai faɗi saboda masallaci da cunkoson hanya. Asabar 29 kuwa ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, inda akan taƙaita zirga-zirga daga 7:00 zuwa 10:00 na safe. Idan jirgin komawa na hantsi ne, dole wasiƙar ta faɗi ƙarfe nawa za a bar masauki.

Akwai abin da masu shirya ziyara ba sa son rubutawa, wato zaman da bai tabbata ba. Ofishin wani babba ya ce "in sha Allah za a duba", sai a saka shi a jadawali kamar an gama magana. Gara a rubuta "ana jiran tabbaci" a gabansa, tare da ranar da za a ba da amsa da abin da za a yi in bai yiwu ba.

Idan wani abu ya canza bayan an tura, kada a aika gyara guntu-guntu. A sake tura jadawalin duka, taken imel ɗin ya nuna shi ne na biyu, a jera abin da ya canza a sama. Direba ma a ba shi nasa kwafin a takarda, domin sau da yawa shi kaɗai ne ba ya cikin waɗanda aka tura wa. A ƙarshe a roƙi jagoran tawagar ya amsa cewa ya gani, lambar jirgi daidai ce, mutanen kuma har yanzu shida ne. In shiru ya kai kwana ɗaya, a buga masa waya.